Daga APA zuwa MLA: me ya sa jerin manazartata ya ƙi juyuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare ta wani ƙauye a yankin Birnin Kudu. Na ciro maƙala daga kundina na digiri na biyu, manazarta 62 ne a tsarin APA, mujallar da zan aika wa kuma ta ce MLA take so. Yaya zan juya su ba tare da na zubar da komai ba? Sabis a nan sai an hau tudu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da zai ba ka wahala ba waƙafi da aya ba ne. Kowane tsari yana da abin da yake zubarwa tun ranar da aka rubuta jerin, kuma APA ya riga ya zubar da wasu abubuwan da MLA zai nema a hannunka. Ga ƙaramin misali da littafin da na tabbata yana cikin jerinka, nahawun Hausa na Paul Newman. Layin farko APA ne, na biyu MLA:

```
Newman, P. (2000). The Hausa language: An encyclopedic reference grammar. Yale University Press.

Newman, Paul. The Hausa Language: An Encyclopedic Reference Grammar. Yale UP, 2000.
```

Shekara ta fita daga baka biyu ta koma ƙarshe, manyan kalmomin take sun sami babban baƙi, sunan maɗaba'a ya gajarce. Waɗannan duk aikin hannu ne, ko a gindin darbejiyar makaranta za ka yi su. Amma dubi `P.` da ya zama `Paul`. Wannan ba ya cikin tsohon jerinka ko kaɗan, kuma babu dabarar da za ta fito da shi daga can.

A nan namu marubutan suke kayar da mutane. Baƙin A na iya zama Abubakar, ko Aminu, ko Aliyu, ko A'isha. M kuwa ya fi kowa rikici, don bayan Muhammad da Musa, na taɓa bin sawun wani M a kundin wani ɗalibi, ashe “Malam” ne aka gajarta aka mai da shi suna. Kada ka yi kintace, ko da kana jin ka san mutumin. Buɗe littafin, dubi shafin take na ciki, ka kwafi sunan yadda mai shi ya rubuta. In shi da kansa baƙaƙe ya sa a gaban sunansa, bar su haka, MLA bai ce ka ƙirƙiro masa suna ba. Haka wanda ya rufe sunansa da na garinsu, Gumel ko Ringim ko Kazaure: abin da ka sa a gaba a tsohon jerin, ka tabbata shi ne a gaba a sabon, kuma shi ne a cikin rubutu.

Don haka shawarata, kada ka fara da gyara jerin. Ajiye tsohon fayil ɗin a gefe, kada ka taɓa shi, ka yi aiki a kan kwafi. Sannan ka gina rumbu: tebur a kwamfuta, ko ma littafin rubutu mai shafi 60, kowace madogara da layinta da lambarta daga 1 zuwa 62. A kowane layi a sami cikakkun sunayen duk marubutan, take, shekara, maɗaba'a da garinta, bugu na nawa, sunan mujalla da kundi da fitowa, shafin farko da na ƙarshe, da DOI, wato lambar da ke kai mutum ga maƙala a intanet, in akwai. Rubuta har abin da MLA ba ya buƙata. Ga dalili: in marubuta sun kai uku, MLA na farko kawai yake ambata ya bi shi da `et al.`, alhali APA bugu na 7 yana jero su har 20. In ka goge sauran a kan fayil ɗinka tilo, ranar da wata mujalla ta ce a koma APA sai ka sake fita farauta. Garin maɗaba'a ma haka ne, APA ya daina sa shi tun 2019, amma har yanzu akwai mujallun da ke tambayarsa.

Da ka cike abin da ke hannunka daga littattafai da hotokwafin da ke akwatinka, za ka ga guraben da suka rage. Tara su a takarda ɗaya, ka yi musu tafiya ɗaya zuwa Dutse ko laburaren Jami'ar Bayero, maimakon hawa tudu kullum da yamma.

Sai babban aikin, wanda yawanci ba a tuna shi sai edita ya dawo da maƙala. Canjin ba a jerin ƙarshe kaɗai yake ba, ya shiga cikin rubutun. Inda ka sa `(Newman, 2000)`, MLA yana son suna da shafi, kamar `(Newman 45)`, babu shekara babu waƙafi. APA ba ya tilasta shafi in ka faɗi magana da kalmominka, saboda haka mai yiwuwa rabin wuraren ba ka da shi. Dole ka koma ka nemo kowanne. Mako guda ma ba zai yi yawa ba, kuma ya fi ka sa lambar da ka tuna da ka. Waɗanda ka bambance da `2005a` da `2005b` kuma, baƙin zai tafi tare da shekarar. Guntun take ne zai raba su a cikin rubutu, a jerin kuma da take ake jera ayyukan mutum ɗaya, ba da shekara ba. Kafin ka goge `a` da `b`, rubuta a rumbunka wanne ne wanne, in ba haka ba sai su cakuɗe.

Akwai Zotero, manhajar kwamfuta mai tsara manazarta, kyauta ne, kuma da zarar ka sauke shi yana aiki babu intanet. Ka shigar da bayanan sau ɗaya, ka zaɓi tsarin da kake so ya fitar. Sai dai abin da ka zuba masa shi zai dafa: ka ba shi `P.`, `P.` zai mayar maka. Littafin da takensa da Hausa yake, sa `ha` a gurbin `Language`, don kada ya bi shi da ƙa'idar manyan baƙaƙe ta Turanci.

Hattara da kwafa tsakanin waya da kwamfuta. Taken littafi da sunan mujalla a karkace ake rubuta su, karkatar kuwa takan ɓace in rubutu ya bi ta WhatsApp ko aka liƙa shi tsura, sai ka mayar da `Ctrl+I`. Ɗ da ƙ da ɓ ma sukan rikiɗe su zama ɗan akwati ko alamar tambaya a shagon buga takardu in an canja musu salon haruffa. Duba su a kan takardar da aka buga, ba a allon kwamfuta kaɗai ba.

In ka gama, ƙirga. Da 62 ka shiga, da 62 za ka fita, sai fa in akwai waɗanda na kundin ne ba su shigo maƙalar ba, su ka cire su da saninka ka rubuta adadinsu. Sannan samu wani malami a ofis ya riƙe rumbun, kai ka riƙe sabon jerin, yana karanto shekara da kundi da shafi da ƙarfi kana bi da biro. Inda ka ga shafi ya zama `123-29` alhali shi ya karanto 123 zuwa 129, ba kuskure ba ne, haka MLA yake gajarta lamba ta biyu. DOI kuwa kada a karanta shi kuma kada a buga shi da hannu. Kwafo shi, ranar da ka sami sabis ka danna kowanne ka ga ya kai ka maƙalar da ka ambata.