Yarjejeniyar tallafi mai shafi 40: me zan tsamo daga ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce jami'ar da ke kula da aikin gyaran rijiyoyin burtsatse da horar da mata na wata ƙungiya a ƙauyukan Taura, jihar Jigawa. Mun sami tallafi na shekara ɗaya, shugabanmu ya miƙo mini yarjejeniya mai shafi 40, ya ce in taƙaita masa rahotannin da ake so, abin da aka yarda a kashe kuɗi a kai, da lokutan biya. Ta ina zan faro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki faro daga sashen biyan kuɗi, ko da a shafi na 30 yake, domin sauran biyun a jikinsa suke rataye. Kuɗi ba ya fitowa sai an karɓi rahoto, rahoton kuɗi kuma ba ya karɓuwa sai abin da ke cikinsa ya halatta. Kafin ki rubuta komai, ki tabbatar takardun da aka liƙa a baya suna hannunki, wato kasafin kuɗin da aka amince da shi, jadawalin aiki, da sharuɗɗan gama-gari na mai tallafin. Yawancin ƙa'idojin da ke kayar da mutane a can suke kwance.

Tunda ban ga takardarku ba, bari mu ƙaddara misali. A ce tallafin naira miliyan 24 ne, daga Janairu zuwa Disamba, ana biya zubi huɗu: miliyan 9.6 da sa hannu, sai 7.2, sai 4.8, sai 2.4 na ƙarshe. A ce kuma yarjejeniyar ta ce ba za a saki zubi na biyu ba sai an amince da rahoton wata uku na farko, kuma an kashe kashi 70 cikin 100 na zubin farko. Irin wannan sharaɗi ba baƙo ba ne, yana cikin ƙa'idojin Tarayyar Turai, kuma wasu masu tallafin suna da makamancinsa. A takardarki kada ki bar shi a "kashi 70". Ki buga lissafin ki rubuta naira 6,720,000, don akanta da shugaba su san lambar da ake nema.

Haka za ki yi da ranaku. Idan an ce rahoto zai shiga cikin kwana 30 bayan ƙarewar kowane wata uku, ki rubuta 30 ga Afrilu. Idan an ba mai tallafi kwana 45 ya duba ya biya, to kuɗin na iya kaiwa 14 ga Yuni bai shigo ba, kuma a yarjejeniyoyi da yawa, da zarar sun dawo da tambaya sai ƙirgen ya tsaya har ku amsa. Ke nan ragowar zubin farko ne zai riƙe albashi da man mota daga Afrilu har tsakiyar Yuni. Wannan shi ne layin da na fi so shugabanki ya gani. Kuma kin fi ni sanin yankinku: in damina ta kankama a Agusta da Satumba, kogin Haɗeja ya cika, akwai ƙauyukan da motar kaya ba za ta shiga ba. Idan aikin rijiyoyin yana jiran zubi na biyu, jinkirin mako uku a rahoto na iya tura shi har bayan kaka. Don haka kusa da ranar mai tallafi ki sa ranarku ta cikin gida, misali 15 ga Afrilu, tare da muƙamin wanda zai haɗa rahoton aiki, wanda zai haɗa na kuɗi, da wanda zai sa hannu.

Yanzu batun abin da ya halatta, inda aka fi yin asara. Kusan duk masu tallafi tambaya uku suke yi wa kowace naira: tana cikin kasafin da aka amince? An kashe ta tsakanin ranar farawa da ranar ƙarewa? Akwai shaida a rubuce? Ta ukun ce ke ba mu wahala a karkara. Mai abincin da ta dafa wa mata talatin ranar horo ba ta da rasit, haka ɗan acaɓan da ya kai bututu ƙauye. Maganinsa baucar biya ta ƙungiya, mai ɗauke da kwanan wata, abin da aka biya, sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa ko dangwalen yatsa, a haɗa ta da takardar sunayen mahalarta. A cike ta nan take a gindin bishiyar da aka yi taron. Odita yana gane baucar da aka cike daga baya a ofis: biro ɗaya, hannu ɗaya, sa hannu talatin duk kamarsu ɗaya. Ki nemi amincewar mai tallafin da irin wannan bauca tun yanzu, a rubuce.

Ga yadda abin yake cizo. A ce zuwa ƙarshen Maris kun kashe miliyan 7, kun wuce 6,720,000, hankali kwance. Sai mai dubawa ya cire 250,000 na fanfon da aka saya a Disamba kafin aikin ya fara, ya cire 300,000 na kayan da aka saya ba tare da takardun farashi daga 'yan kasuwa uku ba, alhali yarjejeniyar ta wajabta, ya cire 150,000 na goron gaisuwar dagatai da masu unguwanni da babu layinsa a kasafi. An cire 700,000, saura 6,300,000. Kun faɗo ƙasa da sharaɗin, zubi na biyu ya tsaya ko a rage shi, kuma 700,000 ɗin ya zama bashi a wuyan ƙungiya. Gaisuwar manya ladabi ce da ba za a shiga gari babu ita ba, ban ce a daina ba. Amma a fitar da ita daga asusun ƙungiya na kanta.

Saboda haka a wannan sashe ki yi gida uku: abin da za a kashe kai tsaye, abin da sai an nemi izini a rubuce, da abin da aka hana. Gidan tsakiya ya fi buƙatar kulawa. Nan za ki rubuta adadin da in saye ya wuce shi sai an tara takardun farashi, da iyakar abin da za a iya ɗaukewa daga wani layin kasafi zuwa wani. Wannan iyaka ta bambanta sosai tsakanin masu tallafi, don haka ta takardarku kaɗai za ki kwafa. "Ba komai, ku ci gaba" da jami'insu ya faɗa a waya ba izini ba ne, domin odita ba ya jin waya. Ki bi shi da saƙon imel, ki adana amsar.

Idan tallafin da dala ko yuro aka rubuta shi, ki nemo sakin layin da ya faɗi farashin canjin da za a yi lissafi da shi, da wanda zai ɗauki asara in naira ta motsa.

Sai zubin ƙarshe. Miliyan 2.4 ɗin nan galibi ba ya zuwa sai an gama aiki an amince da rahoton ƙarshe, wani lokaci har da rahoton odita. Ma'ana ƙungiya ce za ta fara kashe shi daga aljihunta a Nuwamba da Disamba, a mayar mata daga baya. Ki rubuta wannan ɓaro-ɓaro, don kwamitin amintattu ya fara tunanin inda zai samo shi tun yanzu. Ki ƙara da shekarun da aka ce a adana takardu bayan rufe aiki.

Duka kada ya wuce shafi biyu, kuma kowane layi ki sa masa lambar sashen da kika ɗauko shi, don in gardama ta taso a koma asali. Ki ba akanta ya gwada lambobin da ranakun da yarjejeniyar kafin takardar ta isa teburin shugaba.