Kuɗin tallafi: me ya sa aka tsallake Goggo?

"Kawu, don Allah tambaya. Goggonmu a Dukku ta haura shekara 80, mijinta ya rasu, amma ko sisi ba ta taɓa samu ba a kuɗin tallafin nan. Maƙwabciyarta da sauran ƙarfinta ta samu. Ba siyasa ba ce kuwa?"

To, salamu alaikum jama'a. Ɗiyata, na ji ki. Siyasa akwai ta, ban musa ba, amma ki fara duba nan tukuna.

Abin nan fa, wato tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya ga talakawa, ba fanshon tsofaffi ba ne. Gida ake rubutawa, wato masu cin tukunya ɗaya. Ma'aikata su shigo unguwa, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya lissafa gidajen da ya san talauci ya yi musu katutu. Sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida: rufin kwano ne ko ciyawa, akwai dabbobi, mutum nawa ne. Daga nan sunan ya shiga rajistar talakawa ta ƙasa. To idan Goggo tana zaune gidan ɗanta, shi kuma yana da babur da rufin kwano, ana iya lissafa ta cikin masu hali, ko da ɗan ba ya ba ta ko kwabo. In ma gidan ya shiga, mutum ɗaya ke karɓa, galibi matar gida. Kin ga kuɗin na hannun suruka ke nan!

Wannan ɗaya. Yanzu a ce sunanta na ciki. Da can, tsarin 2016, Naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a miƙa 10,000 a hannu. Na 2023 kuwa, 25,000 sau uku, 75,000 ke nan, ta asusu yake bi, kuma sai da NIN. Nan tsofaffi ke zubewa.

Yayar mahaifiyata, rajista ta ce Kulu da sunan mijinta, katin ɗan ƙasa ya ce Hauwa'u da sunan ubanta. Shekarun ma kallon fuskarta aka yi aka ƙiyasta, kowane wuri da nasa. Na'ura ta ce mutum biyu ne. Muka je gyara, yatsun sun shafe saboda surfe da noma, dangwalawa ta ƙi. Wani yaro a wurin har da ce mana ta koma gida ta shafa mai! Tsohuwar da aka ɗauko a kan acaɓa, da rana tsaka... kai, bari in bar wannan.

Ki tambaya dai: lambar wayar wa aka rubuta mata? Sau da yawa ta jika ce, shi ke ganin alat, ko kuma layin ya mutu. Ki kwashi katinta ki fara da mai unguwa, ki ji ko an taɓa rubuta gidan, sannan ofishin tallafin a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai mai karɓar koke. Wanda ya ce ki kawo kuɗi ya saka sunanta, ɓarawo ne, kyauta ake yi.