Yadda za ki datse hoton kaya kafin ki ɗora shi a sitatus

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a nan Garwa. Dillalina yana turo mini hotunan kaya ta WhatsApp, ni kuma sai in ɗauki hoton allon waya in ɗora a sitatus. Makon jiya wata kwastoma ta ga lambarsa a saman hoton, ta kira shi kai tsaye. Yaya zan cire wannan saman da ƙasan ya zama kayan kaɗai ake gani?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Lambar dillali tana cikin jarinki, don sai da kika sha wahala kafin kika samu wanda yake ba ki kaya a farashin sari. Saboda haka ki ɗauki wannan gyara da muhimmanci, ko da yake ba zai ci miki minti ɗaya ba.

Gyaran yana farawa ne tun kafin ki ɗauki hoton. Idan kika buɗe hoto a WhatsApp ya cika allo, sunan wanda ya turo ko lambarsa suna fitowa a sama tare da rana da lokaci. Ki taɓa tsakiyar hoton sau ɗaya, za ki ga rubutun ya ɓace, saura kayan a kan baƙin fili. A lokacin ne za ki danna maɓallin kunna waya da na rage murya tare. A yawancin wayoyin Tecno da Infinix ana iya jan yatsu uku daga sama zuwa ƙasa. Idan kuma a sitatus ɗin dillalin kika ga kayan, ki ɗora yatsa a kan hoton ki riƙe, sunansa da layukan sama za su ɓuya muddin ba ki ɗaga ba, sai ki ɗauka da ɗaya hannun.

Sai yankan kansa. Ki shiga ma'ajiyar hotuna, ki buɗe hoton, ki danna Modifier, tunda wayoyinmu na nan yawanci da Faransanci suke. Ki nemi Recadrer, wasu wayoyin Rogner suke rubutawa, alamarsa kuma kusurwa biyu ce da suka sarƙe. Wani firam zai kewaye hoton. Ki kama gefen sama ki ja shi ƙasa har ya wuce layin da ke nuna lokaci da batir da ƙarfin sabis, ya wuce wurin suna, ya tsaya daidai bakin atamfar. Ki yi haka a ƙasa, ki cire maɓallai ukun nan na komawa baya da duk wani rubutu da dillalin ya saka a ƙarƙashin hoton, domin a nan ne suka fi rubuta farashin sari. Idan kina jan sama sai gefen dama da hagu su ma suna shigowa suna cin kayan, to firam ɗin a kulle yake a kan wani awo, kamar 1:1 ko 16:9. Ki zaɓi Libre, kowane gefe zai motsa shi kaɗai. Shawarata ki shiga cikin kayan kaɗan, gara ki rasa ɗan bakin zane da a bar siririn baƙin layi ko rabin harafi a sama, wanda duk mai lura zai gane hoton wani ne.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen ajiyewa. Wasu wayoyin idan kin danna Enregistrer suna maye gurbin tsohon hoton da sabon. Wasu kuma kwafi suke yi, musamman idan an zaɓi Enregistrer une copie, sai ki tarar da hotuna biyu kusa da juna, wanda aka yanke da wanda ba a taɓa ba. A ƙaramin akwatin zaɓen hoto na WhatsApp tsakiyar hoto kawai ake nunawa, su biyun sai su yi kama kamar an tsaga kara. Da gaggawar ciniki sai hannu ya kai ga tsohon, lambar dillali ta fita duniya bayan duk aikin da kika yi. Da zarar kin ajiye sabon, ki goge tsohon nan take. Kafin ki danna kibiyar turawa kuma, ki tsaya ki dubi saman hoton da ƙasansa. Ko a wannan shafin na ƙarshe akwai alamar yanka a sama, za ki iya ƙara datsewa idan wani abu ya saura.

Yanzu bari mu yi lissafi da turmi ɗaya, don ki ga abin da hoton allo yake rage miki. A ce wayarki tana da allo mai ɗigo 720 a faɗi da 1600 a tsaye, wanda shi ne awon ƙananan wayoyi da yawa a kasuwa. Dillali ya ɗauki turmin a tsaye, da awon uku a faɗi huɗu a tsawo. Idan ya cika faɗin allonki, tsawonsa zai zama 960, ragowar 640 duk baƙin fili ne da layukan waya. Bayan yanka, abin da ke hannunki 720 ne da 960 kacal, alhali hoton da ya turo miki yawanci ya fi haka girma. A atamfa mai manyan furanni ba za a lura sosai ba. A leshi mai duwatsu da ƙananan ramuka kuwa, mai saye tana buɗe hoton da yatsu biyu za ta ga ya dushe, kuma mace ba ta fitar da jaka talatin a kan abin da ba ta ga saƙarsa ba. Shi ya sa na fi son ki duba ma'ajiyar hotunanki tukuna. Duk hoton da kika sauke daga WhatsApp galibi yana nan ajiye, babu suna babu lamba a jikinsa, kuma ya fi hoton allo kyau. Ki bar ɗaukar allo ga abin da ba ya saukuwa, irin na sitatus.

Akwai abin da yanka ba ya magancewa. Idan dillalin ya buga sunan shagonsa a tsakiyar zanen, kada ki bi shi da gogewa. Ki kira shi ki ce ke mai sari ce, ya riƙa turo miki marasa tambari. Mai son kayansa su tafi ba zai ƙi ba, kuma da izininsa kin fita daga zargin ɗaukar hoton mutane.

Abu ɗaya nake roƙonki kada ki yi wa irin wannan datsa: shaidar biyan kuɗi. Idan kin tura wa dillali kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo kuma za ki aika masa hoton saƙon, ki bar sunan kamfanin da ya turo saƙon a sama, da rana da lokaci, da adadin kuɗi, da lambar cinikin. Ranar da aka samu saɓani, waɗannan ne za a duba, kuma rasit da aka yanke wa kai yana jawo tuhuma ko da mai shi na da gaskiya. Abin da ya kamata ki ɓoye shi ne ragowar kuɗin asusunki, wanda saƙon kan nuna. Idan a layin ƙarshe yake, ki yanke daga ƙasa kawai. Idan yana tsakiya, ki rufe shi da alƙalamin zane mai kauri, baƙi ƙirin, kada ki yi amfani da mai shara-shara, domin ana iya ƙara hasken hoto a karanta abin da ke ƙarƙashi.

Idan kuma ke aka turo wa irin wannan hoton, yankakke ne ko cikakke, kada turmi ya bar gidanki sai kin ga kuɗin a asusunki da idonki. A layin Orange ki danna #150#, a na MTN ki danna *126#, ki bi jerin zuwa inda ake duba ragowar kuɗi, sannan ki miƙa wa ɗan aike kayan.