Yadda ake fitar da bayanin 'yan wasa kafin tantancewa

Tambaya: "'Yan uwa, mun rubuta gajeren wasa na minti 12 a kan uwar adashen da ta taɓa kuɗin mutane, a nan Katsina za mu ɗauka. Ya ake rubuta bayanin 'yan wasa kafin a kira tantancewa?"

Ƙanena, fara da shekaru, kuma shekarun da fuska ke nunawa za ka rubuta, ba na takardar haihuwa ba. Mun taɓa ba yarinya 'yar shekara 26 matsayin uwa, wanda ya fito ɗanta kuma yana da 24. Muka barbaɗa mata hoda a gira, muka ce ta ranƙwafa. Da kyamara ta matso sai ga wuya sumul, murya tangaran. Aikin yini guda ya tashi a banza. Tun daga nan ba na barin ratar uwa da ɗa ta gaza shekara 18 a ido.

Shi kuma hali, kada ka rubuta "masifaffiya" ka yi shiru, don duk wadda ta zo tantancewa ihu za ta yi maka. Rubuta abin da take yi. Da ni ne, haka zan fitar da uwar adashen:

Hajiya, shekara 48 zuwa 55, mazauniyar cikin gari wajen Ƙofar Soro. Ba ta ɗaga murya. In aka tambaye ta kuɗi sai ta tsawaita gaisuwa, tana gyara ɗaurin ɗankwali. Bakinta Katsinanci ne, "lahiya lau ɗiyata". A fitowar farko leshi da babban mayafi da zobba biyu, a ta ƙarshe atamfar da ta sha wanki, zobe ɗaya babu. Mai kallo zai gane ta sayar da shi ba tare da an faɗa ba.

Wadda kwasarta ta zo, shekara 22 zuwa 27, mai ɗinki, kuɗin keke take jira. Kunya gare ta, tana magana ido a ƙasa, sai a fitowar ƙarshe ta dubi Hajiya ido cikin ido. Hijabi mara ado, silifas, zare manne a hannun riga. Ɗan Hajiya ba wuya: shekara 25 zuwa 30, kaftanin yadi, hula a karkace, kullum waya a hannu.

Kaya kuwa, bi kwanakin labari, ba kwanakin ɗauka ba. In labarin kwana uku ne, kowa kala uku, a ɗauki hotonsa da kowace kala kafin a fara. A guji farar shadda a tsakar gida da rana, ƙyallinta na cinye fuska, yadi mai ƙananan ratsi kuma rawa yake yi a kyamara. Sabuwar atamfa a wanke ta tukuna, in ba haka ba karin ninkin shago zai fito.

Ranar tantancewa kada ka gwada Hajiya ita kaɗai. Zaunar da ita tabarma ɗaya da mai ɗinkin, a karanta wurin da aka zo karɓar kwasa, ka ɗauka da waya daga kusa, ka kalla kafin ka yi wa kowa alƙawari.