Ramin katina x16 ne, amma GPU-Z na nuna x8

«Na ƙara SSD na biyu, yanzu manhajar GPU-Z tana nuna katin hotona a x8, alhali ramin dogo ne, x16. Katin ne ya lalace?»

Da wuya katin ne, ɗan'uwa. Tsawon rami daban, layukan PCIe da aka haɗa masa daban. Yawancin masarrafan kwamfutar tebur layi 16 kawai suke ware wa katin hoto. A wasu allunan motherboard akwai ramin SSD na M.2 da ke ɗibar layukansa daga waɗannan 16 ɗin. Da ka sa SSD a ciki sai a raba: takwas ga kati, huɗu ga SSD, huɗu kuma su zauna haka nan. Ka duba littafin allonka, ka mayar da SSD ɗin ramin M.2 da ke bi ta cifset, ka tabbata katin na ramin sama.

Kada ka karanta GPU-Z katin yana hutawa, domin yakan rage gudu. Danna alamar tambayar da ke gefen Bus Interface ka kunna gwajin da zai sa katin aiki tukuna. Ni dai x8 ba ya ɗaga min hankali, don a PCIe 4.0 daidai yake da x16 na 3.0. In ka cire SSD ɗin bai koma x16 ba, kuma katin ba mai layi takwas ba ne tun asali, kai wa mai gyara ya duba fil ɗin soket ɗin masarrafa.