Albashina kaɗan ne, in jira sai ya ƙaru kafin in fara ajiya?

Tambaya: Malam, shekarata 25, dubu goma kacal nake iya warewa a wata, har kunya take ba ni. Abokina ya ce in bari kawai sai na yi ƙarfi, ko in sa a wani dandali da ke ninka kuɗi duk wata. Ina tsoron tsufa ba ko sisi.

Amsa: Ƙanena, fara da dubu goman nan a watan nan. Mu ɗauka jarin na kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, kuma ba ka taɓa ribar, tana komawa cikin uwar kuɗi ita ma ta haihu. Ka zuba dubu goma duk wata daga shekara 25 zuwa 35, miliyan 1.2 ke nan, sai ka tsaya cak. Ranar da ka kai 60 za ka tarar da miliyan 20 da ɗoriya. Wanda ya jira sai 45 ya riƙa zuba dubu talatin har 60, miliyan 5.4 ya fitar daga aljihunsa, amma miliyan 11 da ɗoriya zai gani. A wannan ribar kuɗi na ninkawa duk bayan shekara bakwai, kuma ninkin ƙarshe shi ne mai tsoka, shi kuwa mai jira ya riga ya yar da shi.

In kuɗin ruwa kake gudu, akwai Sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, akwai kuma Fund VI, sashen da ba ruwa a asusun fansho. Sai dai tsadar kaya na cin darajar naira, a 2024 ta haura kashi 30, don haka duk sanda albashi ya ƙaru ka ƙara zubin.

Maganar dandalin nan kuwa ita ke ɓata min rai wallahi, don kullum sai an zo min da ita, wai ai shi ma riba kan riba ce. Ƙarya ne! Ɗauki kalkuleta, dubu ɗari in tana ninkawa duk wata, a shekara ɗaya ta wuce miliyan 400. Wane kasuwanci ne ke kawo haka, kuma in akwai shi me mai shi zai yi da 'yar dubu gomarka? Kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan na jiya da shi. Irinsu ce MMM, ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, ba mu ji a jikinmu ba, CBEX ta zo ta kwashe na wasu a Afrilun 2025. Alamominsu ba sa canzawa, riba tabbas babu faɗuwa, sai ka kawo mutane a ba ka lada, ranar da ka zo cirewa a ce sai ka ƙara zuba wani abu tukuna. Na ga wanda ya sayar da filin gadonsu, da matar da ta sa kuɗin adashin mutane. Ku ji tsoron Allah ku daina jan 'yan'uwanku ciki. Kai kuma kafin ka ba kowa sisi, duba ko yana da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, ka tambaye shi takamaimai me ake saye da sayarwa da kuɗinka.