Amsar Yaya kan wasiƙar neman ƙarin lokacin tarin ƙwari

Tambaya: "Yaya, taifot ta kwantar da ni sati biyu, ga shi Litinin za a miƙa akwatin ƙwari. Me zan rubuta wa Malam?"

Assalamu alaikum. Ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

To, ki saurara. Kar ki rubuta masa "a ƙara mini lokaci" kawai. Ki faɗi ranar da kike so, ki kuma nuna masa yadda kika ƙirga ta. Malamin ƙwari ya san kwanakin da kowane aiki ke ci, lissafin ne zai gamsar da shi.

Ki fara buɗe akwatin tukuna. Waɗanda kika kashe ba ki soke da allura ba, yanzu sun ƙandare, kina taɓa ƙafa ko fiffike zai karye. Sai sun kwana ɗaya zuwa uku a rufaffen mazubi mai danshi kafin su yi laushi. Malam-buɗe-littafi kuwa, in kika shimfiɗa masa fiffike a kan allo, yana son sati ɗaya zuwa biyu kafin ya bushe; kika cire shi da wuri, fiffiken zai sunkuya. Ki duba ƙasan kowace allura, in kika ga gari-gari, wani abu na cin su. In farin gashi-gashi ne, fumfuna ce. Waɗannan ki cire su daga lissafi, ki sa kafur. Masu laushin jiki da ke cikin etanol kashi 70, in bai ƙafe ba, suna nan lafiya.

Sai ki rubuta kamar haka, ki juya shi Turanci:

"Malam, barka da aiki. Ni ce wance, lambata kaza. Na kwanta rashin lafiya daga ranar kaza zuwa kaza, ga takardar asibitin makaranta a haɗe. Na kammala fara, buzuzu da ƙuda har da lebul, saura malam-buɗe-littafi da zanzaro. Kamawa za ta ɗauki kwana 4, bushewa kwana 10, tantancewa da lebul kwana 2. Ina roƙon a ba ni zuwa ranar kaza. In Malam ya amince, zan kawo abin da na gama ranar Litinin ya gani."

Layin ƙarshen nan kar ki bar shi, shi ne shaidar cewa kin yi aiki kafin ciwon.

Kuma kar ki nemi wata guda. Damina na ƙarewa, hunturu na shigowa ƙwarin za su yi wuyar samu, ke za ki wahala.

Abu ɗaya nake roƙonki, don Allah: kar ki karɓi ƙwarin ƙawarki ki sa sunanki, kar ki mayar da kwanan wata baya a lebul. Wuri, rana da sunan wanda ya kama su ne darajar ƙwaron gaba ɗaya. Ki tura wasiƙar yau, kar ki jira Litinin, kwafi ɗaya kuma ga malamin da ke kula da ajinku.